Ina so in faɗi gaskiyar wurin da na bari, amma ina tsoron sammaci

Assalamu alaikum Yaya. Na yi shekara biyu da wata huɗu ina riƙe da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Katsina, na ajiye aiki wata uku da suka wuce. Har yau ina bin su albashin wata biyu. A takarda ranar 28 ake biya, amma a shekarar ƙarshe sai mu kai 12 ko 15 ga watan gaba. Albashina naira 120,000 ne, ana cire 9,600 na fansho, da na duba asusuna sai na ga wata goma ba abin da ya shiga. Manajanmu kuma ya taɓa zagina gaban direbobi. Na buɗe Glassdoor, shafin intanet da ma'aikata suke sharhi a kan wuraren aiki, na rubuta cewa ɓarayi ne, suna cinye fanshon ma'aikata, manaja azzalumi ne mai fifita 'yan garinsu, kada kowa ya je. Ban tura ba, don abokina ya ce za su sa a kama ni. Gaskiya kuma akwai abin da na ƙaru da shi a wurin. Yaya zan yi in faɗa wa masu neman aiki gaskiya ba tare da na jefa kaina a rigima ba?

Ƙaninka, daga Katsina

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa abokin nan naka da alheri, ya riƙe maka hannu a lokacin da ya dace. Amma kada tsoron da ya ba ka ya sa ka yi shiru gaba ɗaya. Akwai yaron da ya gama Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya dawo daga bautar ƙasa, an kira shi intabiyu a wannan kamfani, yana ta bincike cikin dare ko zai samu wanda ya taɓa zama a wurin. Wannan yaro yana da hakkin ya sani. Don shi za ka yi rubutun, kuma in ka riƙe shi a ranka, rabin matsalar ta warware.

Na san wani zai ce maka ai wannan giba ce. Malamai sun daɗe da ware nasiha daga giba. Fatima bint Ƙais ta je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana neman shawara kan mutum biyu da suka nemi aurenta, ya faɗa mata aibin kowanne a taƙaice, gwargwadon abin da take bukata don ta yanke hukunci, bai ƙara ba. Ma'aunin ke nan. Abin da mai neman aiki yake bukata, shi za ka ba shi. Abin da zuciyarka take bukata don ta huce, wannan ka kai wa abokinka a majalisa bayan Isha'i.

Yanzu ɗauko abin da ka rubuta mu duba shi jimla bayan jimla. Duk jimlar da mutum zai yi a kan tsohon wurin aikinsa, ɗaya ce cikin uku. Ko dai labarin abin da ya faru da shi ne, wanda yake da rana da adadi. Ko kuma ra'ayinsa ne a kan abin da ya farun. Ko kuma hukunci ne a kan niyyar wani, wato ya ce wane ya yi sata, wane ya yi ha'inci, wane yana da ƙabilanci. Na farko kotu tana iya auna shi da takarda. Na biyu doka tana ba shi wuri, matuƙar an gina shi a kan abin da ya faru da gaske. Na ukun shi ne yake kai mutane caji ofis, kuma kusan duk abin da ka rubuta a cikinsa ya faɗa.

Mu fara da fansho, don nan ne hujjarka ta fi ƙarfi, nan ne kuma ka fi kusa da rami. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya ɗora kashi 10, kuma a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki daga ranar da aka biya albashi. In da kashi 8 ɗin nan daga cikakken albashinka aka lissafa shi, kamar yadda adadin ya nuna, to nasu kason naira 12,000 ne, jimilla 21,600 ya kamata ta riƙa sauka kowane wata. A wata goma, 96,000 daga guminka, 120,000 daga wajensu, 216,000 ke nan. Ka ga ma abin da kake bi ya fi wanda kake zato.

To amma me ka sani tabbas? Ka san an cire, don yana cikin takardar albashinka. Ka san bai bayyana a asusunka ba, don ka duba. Abin da ba ka sani ba shi ne inda kuɗin ya tsaya. Yana yiwuwa ba su tura ba sam. Yana yiwuwa kuma sun tura a dunƙule ba tare da jadawalin sunaye ba, ko akanta ya rubuta lambar fanshonka da kuskure, kuɗin ya maƙale a wurin masu ajiya ba a zuba wa kowa ba. Wannan yana faruwa sosai, na gan shi ba sau ɗaya ba. Ka ɗauka ka rubuta "suna cinye fanshon ma'aikata", sai lauyansu ya zo da rasit na banki ya nuna sun tura. A ranar ka zama maƙaryaci a idon kotu, alhali kai aka cuta. Kuma a ƙarar ɓata suna, kai da ka faɗi magana kai ne za a ce ka tabbatar da ita, su ba sai sun wanke kansu ba. Amma in ka rubuta "an cire mini kuɗin fansho a takardar albashi, amma wata goma na ƙarshe ban ga sun shiga asusuna ba", ko sun kawo rasit ɗari jimlarka tana nan daram, don ba ka ce komai ba sai abin da idonka ya gani. Mai karatu kuma ba yaro ba ne, ya fahimta.

Haka maganar albashin wata biyu. Kafin ka rubuta, ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka duba maganar notis. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya yi tsakanin shekara biyu zuwa biyar, notis ɗinsa mako biyu ne, amma kamfanoni da yawa wata ɗaya suke rubutawa a yarjejeniya, kuma in ba ka bayar ba sukan ce sun riƙe albashin wata a madadinsa. Mai sito kuma yana da wata ƙofar da ake shigo masa ta ita: a ce an yi ƙirgen kaya bayan tafiyarsa an ga giɓi. In kana da takardar miƙa sito da aka sa hannu, adana ta kamar takardar gida. Ko ma dai mene ne, jimlar da ba ta karyewa ita ce "har ranar da na yi wannan rubutu ban karɓi albashin wata biyu na ƙarshe ba". Wannan alat ɗin bankinka ne shaidarta.

Sai manaja. Na san nan ne ciwon yake. Mutum yakan manta da kuɗi, amma zagi gaban na ƙasa da shi ba ya barin zuciya da wuri, kuma ban ga laifinka ba da har yanzu yake sukarka. Duk da haka, ka cire "azzalumi", ka cire "mai fifita 'yan garinsu". Na biyun ya fi haɗari, don zargi ne da ba ka da takardarsa, kuma yana iya tayar da abin da ya fi ƙarfin rigimar ofis. Kada kuma ka ce ai ban faɗi sunansa ba. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma 'yan kasuwar ma sun sani. Reshe ɗaya, manaja ɗaya. A shari'ar ɓata suna ba sai an ambaci suna ba, ya isa a ce waɗanda suka san mutumin za su gane shi ake nufi. Shi kansa Glassdoor ba ya yarda a kama sunan wanda bai kai manyan shugabannin kamfani ba a soke shi, don haka ko ka sa sunan, rubutun ba zai tsaya ba. Abin da za ka iya faɗa shi ne tsarin da ya bari hakan ta faru: an taɓa yi maka faɗa da kalamai masu zafi gaban abokan aiki, kuma ba ka samu wata hanyar kai ƙorafi sama da reshe ba. In hakan gaskiya ne, ya fi amfani ga mai neman aiki nesa ba kusa ba, domin manaja yana iya tashi gobe, rashin hanyar kai kuka kuwa yana nan.

Bari in faɗa maka abin da abokinka yake tsoro, don ka san girmansa daidai. A Arewa ɓata suna ba ƙarar neman diyya ce kawai ba, laifi ne a dokar Final Kod. A tsohuwar dokar da jihohin Arewa suka gada, sashe na 391 ne ya fayyace shi, na 392 ya sa hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Ma'ana mutum yana iya kai ƙara wurin 'yan sanda, ko ya shigar kai tsaye a kotun majistare a aiko maka da sammaci. Amma dokar nan ita da kanta ta ware magana ta gaskiya wadda faɗinta yake da amfani ga jama'a, ta ce wannan ba ɓata suna ba ne. Lura da sharuɗɗan biyu: gaskiya, da amfanin jama'a. Jinkirin albashi ya cika duka biyun. Labarin auren manaja ko bashin da ake binsa a unguwa, ko gaskiya ne, bai cika na biyu ba.

Sai dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, wanda aka daɗe ana kama mutane da shi. An yi mata gyara a 2024 aka rage faɗin sashen, yanzu ya fi karkata ga saƙon batsa da saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya tura don ya tayar da hankalin jama'a ko ya jefa rai cikin haɗari. Sharhi a kan jinkirin albashi bai yi kama da wannan ba. Sai dai ka san ƙasarmu, ana iya tsare mutum kwana biyu a kan abin da kotu za ta yi watsi da shi daga baya, kuma kwana biyun ba sa dawowa. Wataƙila ka ji labarin matar nan ta Legas da ta rubuta a Facebook a watan Satumba na 2023 cewa wani tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya yi mata zaƙi da yawa. An kama ta, an kai ta Abuja, aka shiga shari'a. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, maganar da aka fi riƙe ta da ita ba ta cikin rubutun farko. A wurin mayar da martani ga wani mai sharhi ne ta yi maganar cewa kayan yana kashe mutane. Ni ina cikin waɗanda suke ganin an tsananta mata ƙwarai. Amma darasin da ya shafe ka shi ne, rubutun farko mutum yakan yi shi a natse, amsa ta biyu ce ake yi da zafin rai.

Kada ka jingina da cewa shafin yana ɓoye suna. Gaskiya ne sunanka ba zai fito a jikin sharhin ba, kuma kamfani ba ya iya biyan kuɗi a cire shi. Amma shafin ya san imel ɗinka, kuma a 2022 wata kotu a Amurka ta umarci Glassdoor ya bayyana waɗanda suka yi sharhi a kan kamfanin kayan wasan yara mai suna Zuru, don kamfanin ya samu damar kai su ƙara a New Zealand. Kai ma ba sai an kai ga kotun Amurka ba. Na taɓa aiki a ofishin kula da ma'aikata na wani wuri, wata safiya shugabanmu ya shigo da takarda guda da ya buga daga intanet, ya ajiye a kan teburina bai ce komai ba, ya sa yatsa a kan layi na uku. Mai rubutun ya sa muƙaminsa daidai, ya sa garin, ya sa shekarun da ya yi, sannan ya yi amfani da wata kalma da duk ofis an san shi da ita, wadda ba ya gama magana a taron Litinin bai faɗe ta ba. Kafin shayin da ke gabana ya huce, mu uku da ke ɗakin kowa ya san waye. Abin da ya cece shi kawai shi ne babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Aka kira lauya, ya karanta sau biyu, ya ce babu abin kamawa. Mai sito nawa kamfaninku ya yi a Katsina cikin shekara uku? Don haka ka rubuta kamar sunanka da na mahaifinka suna ƙasan takardar. A gurbin muƙami kana iya sa abu mai faɗi, kamar ma'aikacin sashen kaya, amma kada ka yi ƙaryar muƙami ko gari don ɓad da sawu, domin ƙarya ɗaya tana rushe sauran gaskiyar.

Akwai abin da ba za ka taɓa ba ko kaɗan, ko da gaskiya ne. Sunayen diloli da kwastomomi, farashin da kamfani yake saro kaya, ribar da yake ɗorawa, yawan kayan da ke sito. Duba yarjejeniyarka, da wuya ka rasa sakin layin riƙe sirri, kuma yawanci yana bin mutum har bayan ya bar aiki. Sannan, don Allah, kada ka faɗi ranar da motoci suke fita, ko hanyar da suke bi, ko lokacin da suke dawowa da kuɗi daga Jibiya ko Dutsin-ma ko Mai'aduwa. Kai ɗan Katsina ne, ba sai na yi maka bayani ba. Direbobin nan da yaran mota abokan aikinka ne jiya, suna da iyali.

Ga wani abu da nake so ka raba shi da sharhin rabuwa ta har abada: neman kuɗinka. Sharhi ba ya karɓo bashi. Hanyar bashi daban take. Ka rubuta wa kamfani takarda, a sanyaye, ka lissafa wata biyun da adadinsu da watanni goman fansho, ka ba su mako biyu, ka kai da hannunka a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. In shiru, maganar fansho ka kai ta ga kamfanin fanshonka da hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, su ne da hurumin bin mai aikin da bai tura ba, kuma doka ta ɗora masa tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na abin da bai tura ba a kowane wata. Maganar albashi ka fara da ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, in ta ƙi ci sai kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda ita ce take da hurumin rigimar aiki. Abin da nake roƙonka shi ne, ko a waya, ko a WhatsApp, ko ta bakin wani, kada ka taɓa cewa "ku biya ni ko in tona ku a intanet". Daga ranar da ka faɗi haka, sharhinka ya tashi daga nasiha ya koma barazana, kuma ka ba su abin da za su kai wa 'yan sanda da hannunka. Da ni ne, zan bari wa'adin takardar ya cika tukuna. In sun biya, sai ka rubuta cewa an biya ka bayan wata kaza. In ba su biya ba, sai ka rubuta hakan. Ko ta ina gaskiya ce, kuma ba ka rufe ƙofar sulhu da wuri ba.

To mu zo ga rubutun. Shafin zai nemi taurari daga ɗaya zuwa biyar, da kanun magana, sannan gurabe uku: Pros, Cons, da Advice to Management, wato alherin wurin, aibinsa, da shawara ga shugabanni. Kada ka cika gurbin farko da "babu komai" ko "suna da fanka". Mai karatu yana gane wanda ya zo ramuwa tun daga layin farko, sai ya zubar da sauran maganarsa, har da ta fansho wadda ita ce ya kamata ya ji. Alherin da ka faɗa da gaske shi ne yake sa a yarda da aibin da ka faɗa. Ban san ainihin abin da ka ƙaru da shi ba sai kai, don haka ka musanya nawa misalin da naka, kada ka kwafi abin da bai faru ba.

Kanun magana: Wurin koyon aiki ne, amma a yi tambaya kan biyan albashi da fansho.

A Pros: Na yi sama da shekara biyu a sashen kaya. Na shigo ban iya lissafin sito a kwamfuta ba, a nan na koya, kuma shi nake ci da shi yanzu. Abokan aiki suna da haɗin kai, ana rufa wa juna asiri in lalura ta taso. A shekarar farko ana biyan albashi a kan lokaci.

A Cons: A shekarata ta ƙarshe albashi yakan yi jinkirin kusan mako biyu daga ranar da ke cikin takarda. An cire mini kuɗin fansho, amma na wata goma ban ga sun shiga asusuna ba. Har ranar da na yi wannan rubutu ban karɓi albashin wata biyu na ƙarshe ba, na rubuta musu ina jiran amsa. An taɓa yi mini faɗa da kalamai masu zafi gaban abokan aiki, kuma ban samu hanyar kai ƙorafi sama da reshe ba. Wannan abin da na gani ne a reshe ɗaya, a lokacin da nake wurin.

A Advice to Management: In albashi zai yi jinkiri, a sanar da ma'aikata tun da wuri, a faɗi ranar. A riƙa nuna wa ma'aikata shaidar tura fansho. A samar da lamba ko imel na kai ƙorafi wanda ba ta hannun reshe zai bi ba.

Ka lura da jimlar ƙarshe ta Cons. Kada ka raina ta, ita ce katangarka. Tana hana a ce ka yi wa kamfani gaba ɗaya kuɗin goro, alhali ba ka san yadda reshen Kano ko na Kaduna yake ba, ba ka kuma san ko sun gyara bayan tafiyarka ba. Ka lura kuma ko'ina "ni" ne da "mini". Ko da ka san abokan aikinka ma fanshonsu bai shiga ba, asusunka kaɗai ka gani da idonka, kuma ranar da aka kira shaida, wanda har yanzu yake cin abinci a wurin ba lallai ya tsaya maka ba. Ba don mugunta ba, yana da 'ya'ya.

"Kada kowa ya je" ma na cire shi, kuma ba don tsoron doka ba, don wannan ra'ayi ne, kana da ikon faɗinsa. Na cire shi ne saboda ba ka san halin mai karatu ba. Wanda ya shekara biyu a gida yana jiran aiki, albashin da yake zuwa a makare ya fi masa babu, kuma zai je ko ka hana. Abin da zai amfane shi shi ne ya shiga da ido buɗe: ya tambayi ranar biya tun a intabiyu, ya karɓi takardar ɗaukar aiki a rubuce, wadda doka ta ce a ba ma'aikaci cikin wata uku da fara aiki, ya riƙa duba asusun fanshonsa duk bayan wata uku maimakon ya bari sai ya tashi tafiya. In kana so, ƙara wannan a layi biyu. Taurari kuwa, abin da ka ba ni labari ya fi kama da biyu. Ɗaya ta wurin da babu alheri ko kaɗan ce, kai kuma da bakinka ka ce akwai.

Da Turanci za ka shigar da shi, na sani. A wurin juyawar ka yi hattara, don kalmomin damfara da zamba da sata suna da sauƙin zamewa daga yatsa a Turanci fiye da Hausa, saboda mun saba ganinsu a intanet kullum har sun daina yi mana nauyi. A kotu nauyinsu yana nan. In ka gama, ka bar shi ya kwana biyu a waya, sannan ka karanta wa wani babba wanda bai san kamfanin ba, ka tambaye shi abu ɗaya: ina ka ji fushi a ciki? Duk inda ya nuna, gyara. Ka yi amfani da imel ɗinka na kanka, kuma sau ɗaya za ka tura. Kada ka buɗe asusu na biyu, kada ka tara tsofaffin abokan aiki a ce kowa ya je ya zuba tauraro ɗaya a rana guda. Shafin yana cire irin wannan, kuma a idon alƙali ya zama shiri na cutarwa.

Bayan ya fito, kada ka ɗauki hotonsa ka sa a sitatus, kada ka tura shi guruf ɗin tsofaffin ma'aikata. Kamfani yana da damar amsawa a ƙarƙashin sharhin, kuma amsar tana iya ƙona maka rai, su ce ba su san da maganar ba, ko su ce tsohon ma'aikaci ne mai jin haushi. Bar su. Mai karatu yana ganin adadi a naka, yana ganin babu a nasu. In takardar lauya ta zo tana cewa ka cire cikin kwana bakwai ka ba da hakuri, kada ka amsa da kanka, kada ka kira manaja, kuma kada ka sa hannu a takardar ban hakuri kafin lauya ya gani, don tana iya zama amsa laifi. In ba ka da halin ɗaukar lauya, hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya tana da ofis a Katsina. In 'yan sanda ne suka gayyace ka, kada ka ƙi zuwa, kada kuma ka je kai kaɗai. In kuma aka nuna maka da hujja cewa wata jimla taka ba daidai ba ce, misali fanshon ya shiga daga baya, gyara ta a ranar, ba tare da jayayya ba.

Duk wannan yana tsaye ne a kan takardu huɗu, kuma ina so su kasance a hannunka kafin ka taɓa maɓallin turawa: takardar ɗaukar aiki, takardun albashi na watannin da ake magana, bayanin asusun banki na shekarar ƙarshe, da bayanin asusun fansho. Na bankin kana iya nema ta manhajar wayarka. Na fanshon kuwa kada ka tsaya ga abin da ka gani a waya, ka je ofishinsu ranar Litinin da katin shaidarka, a buga maka cikakke tun daga watan da ka fara aiki, a sa hatimi. Kana wurin ka tambaye su ko akwai kuɗin da ya shigo da sunan kamfaninku wanda ba a zuba wa kowa ba, ka rubuta amsar da suka ba ka da ranar. Allah ya fito maka da hakkinka, ya sa inda ka koma ya fi inda ka baro.

Yayanka